Wata Bakwai Yana Tashina Sallar Asuba, Yau Yana Neman Kuɗin Tiyata

Assalamu alaikum Hajiya. Ni malamar firamare ce a Sakkwato, shekarata 36, maigidana ya rasu shekara uku da suka wuce, ya bar ni da yara biyu. Wata bakwai ke nan da wani bawan Allah ya yi mini magana a Facebook, daga baya muka koma WhatsApp. Ya ce shi ɗan asalin Kano ne, injiniya a wani kamfanin gine-gine a Istanbul ta ƙasar Turkiyya, kuma matarsa ta rasu. Kullum shi ke tashina sallar asuba, ya san sunayen 'ya'yana, da ƙaramar salla har ya turo musu naira 30,000. Ba mu taɓa yin kiran bidiyo ba, domin ya ce an hana a wurin aikinsu. Ya yi alkawarin zuwa neman aurena, amma ya ce kada in gaya wa Yayana sai ya iso. Makon jiya ya ce ya yi haɗarin mota, an rufe asusunsa, asibiti kuma ba za su yi masa tiyata ba sai an biya. Yana neman naira 1,400,000, in tura ta asusun wani abokinsa a nan Najeriya. Na riga na tura 200,000, ina kuma shirin sayar da sarƙata ta gwal in haɗa da ɗaukar adashina. Ina tsoron a cuce ni, ina kuma tsoron ya mutu saboda na ƙi taimakonsa. Me zan yi?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah Ya ji ƙan maigidanki, Ya raya abin da ya bari.

Kada ki sayar da sarƙar, kada ki taɓa kuɗin adashin, kuma kada ki ƙara tura ko naira ɗaya. Na fara da wannan ne saboda na san cewa a daidai lokacin da kike karanta amsata, wayarki tana cike da saƙonnin da ke ce miki lokaci na ƙurewa. A iya fahimtata babu wani mutum kwance a asibitin Istanbul yana jiran kuɗinki, don haka ki sauke wa kanki nauyin ransa. Abin da ke gabanki damfara ce da aka tsara ta tun ranar da aka fara yi miki sallama, kuma zan nuna miki inda ɗinkin ya fito domin ki gani da idonki, kada ki dogara da maganata kaɗai.

Na san abin da zai fara zuwa bakinki, domin duk wadda na zauna da ita a kan irin wannan magana da shi take farawa: wane ɓarawo ne zai yi wata bakwai yana tashin mutum salla? Amsar ita ce, waɗannan watannin su ne jarin sana'ar. Ɗan damfarar da ya nemi kuɗi a makon farko ba zai samu ko sisi ba, saboda a lokacin ke baƙuwa ce kuma hankalinki yana tare da ke. Sai ya yi haƙuri irin na mai kiwon ragon layya, ya ciyar, ya shayar, ya jira. A cikin wannan jiran ba abin da yake kashewa sai kuɗin data da 'yan mintoci, kuma yawanci ba ke kaɗai yake yi wa ba: saƙon barka da asuba guda ɗaya ana iya tura shi ga mata goma a cikin minti ɗaya, a sauya suna kawai. Ita ma kyautar salla da ta zo wa yaranki tana cikin lissafin. An zuba 30,000 an ɗebi 200,000, kuma an sayi wani abin da ya fi kuɗi tsada, wato jin kunyar da ke hana ki cewa a'a ga mutumin da ya taɓa yi miki alheri. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Yana da kyau ki san cewa wannan ba aikin wani yaro ɗaya ba ne ko da yaushe. A watan Disamba na 2024 hukumar EFCC ta kai samame wani bene a unguwar Victoria Island da ke Legas, ta kama mutum 792 a lokaci guda, cikinsu har da 'yan ƙasashen waje, bisa zargin damfarar soyayya da ta zuba jari. An same su jere a gaban kwamfutoci kamar ma'aikatan ofis, ana horar da su yadda za su ja hira da yadda za su shiga zuciyar mutum, ana kuma ba su lambobin waya na ƙasashen waje su yi aiki da su. Wannan ya kawo mu ga lambar da kike gani a wayarki. Idan ta fara da +90, wadda ita ce ta Turkiyya, hakan bai tabbatar da cewa mai riƙe da ita yana can ba, domin ana sayen irin waɗannan lambobi a intanet a buɗe WhatsApp da su daga ko'ina. Mai yiwuwa ne wanda kike hira da shi yana zaune a wani gari da mota ke kai mutum daga Sakkwato cikin yini ɗaya. Kuma kada ki ɗauka cewa rashin wayewa ne ke jefa mutum a ciki. A Amurka, hukumar da ke kare masu saye da sayarwa ta bayyana cewa a 2022 kusan mutum 70,000 ne suka kai ƙarar irin wannan damfara, asararsu ta kai dala biliyan 1.3, kuma ƙaryar da aka fi yi musu ita ce ta rashin lafiya, ko rauni, ko ɗauri. Labarin da aka ba ki tsohon labari ne, an ɗinka masa riga ce kawai daidai da ke: ke mai addini ce, sai aka zo miki da asuba da addu'a, ke mai takaba ce a baya, sai aka zo miki da mamaciyar mata.

Yanzu mu ɗauki labarin haɗarin mu auna shi da hankali, kamar yadda za ki auna shi da a ce wata malama ce a makarantarku ta kawo miki. Injiniyan da kamfani ya ɗauka aiki a wata ƙasa yana da takardar izinin aiki, yana da inshorar lafiya, yana da shugaba da abokan aiki waɗanda suke ganinsa kowace safiya. Najeriya tana da ofishin jakadanci a Ankara. Shi kuma, a faɗarsa, yana da dangi a Kano. Ta yaya duk waɗannan suka ɓace a rana ɗaya, aka rasa wanda zai ceci ransa sai malamar firamare a Sakkwato wadda bai taɓa haɗuwa da ita ba? Ki tuna yadda ake yi a nan idan mutum ya yi haɗari aka kai shi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo: kafin la'asar 'yan'uwa da maƙwabta da abokan sana'a sun cika harabar, kowa na laluben aljihunsa. Ba a jin cewa an tsallake su duka an nemi wata baƙuwa a wata ƙasa. Haka kuma haɗarin mota ba ya sa banki ya rufe asusun mutum. An kawo maganar rufe asusun ne kawai domin a toshe tambayar da dole ki yi, wato ina albashinsa na shekaru yake.

Inda ɗinkin ya fi fitowa fili shi ne hanyar da kuɗin za su bi. Asibiti a Istanbul da lira ake biyansa, kuma yana da asusunsa da sunansa. Ke kuwa an ce ki tura naira cikin asusun wani mutum a Najeriya. Ki buɗe rasidin kuɗin da kika tura ki karanta sunan mai asusun da kyau. Ina kyautata zaton ba sunan da kika taɓa ji a bakinsa ba ne cikin wata bakwai. Irin waɗannan asusai na haya ne: a sami wani matashi ko wata mai neman na cefane a ba ta ɗan wani abu ta ba da aron asusunta, kuɗi na shiga a rarraba su zuwa wasu asusai ko a cire su a wajen masu POS cikin 'yan mintoci. Shi ya sa kuma idan aka sake neman kuɗi ake yawan kawo sabuwar lambar asusu da sabon suna.

Maganar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta Yayanki. Ke ma kin san yadda ake neman aure a wurinmu. Namijin da ke nufin alheri shi ne mai ɗokin a san da shi, ko yana bangon duniya zai ce ga lambar kawuna, ga unguwarmu, ga masallacin da mahaifina yake salla, a je a bincika. Magabata ke zuwa wajen magabata, kuma ba a ɗaura aure sai da waliyyi. Sadaki da kayan aure daga wajen namiji suke fitowa su nufi wajen mace. Wannan mutum ya juya al'amarin gaba ɗaya: ya nisanta ki da waliyyinki, sannan ya sa kuɗi suna tafiya daga hannunki zuwa nasa. Bai nemi ki ɓoye ba sai don ya san cewa duk wanda zuciyarsa ba ta cikin lamarin zai gane shi cikin minti biyar. Hujjar hana bidiyo ma haka take, domin ko an hana a wurin aiki, ai mutum yana komawa masaukinsa da dare, yana da ranar hutu, yana zuwa masallacin Juma'a.

Bari in ba ki labarin abin da ke biyo baya idan aka biya, domin na ga ƙarshensa a kan wata baiwar Allah mai sayar da atamfofi da ta zo gidana da wayarta a hannu tana rawar jiki. Nata ya ce mata yana Dubai. Ya fara da naira 85,000 na magani, ta tura. Bayan kwana huɗu aka ce aikin ya yi kyau amma asibiti sun riƙe fasfonsa sai an cika 450,000, ta karɓi bashi wajen dillalin da ke ba ta kaya. Sai aka ce ya fito, har ya turo mata hoton tikitin jirgi, ta share gida ta gaya wa mahaifiyarta baƙo na tafe. Ranar da zai taso wani ya kira ta da wata lamba ya ce shi jami'i ne a filin jirgi, an kama mutuminta da gwal ɗin da ya sayo mata na lefe ba tare da takarda ba, sai an biya tarar 900,000. A nan ta sayar da filin da ta gada. Abin da ya sa ta ci gaba, kamar yadda ta faɗa mini da bakinta, shi ne duk lokacin da ta so tsayawa sai ta tuna abin da ta riga ta zuba, ta ce bari ta cika wannan na ƙarshe domin ya iso ya mayar mata da duka. Ta haɗa asarar naira 1,435,000 cikin mako shida, kuma ranar da ta ce wallahi ba ta da sauran komai, a ranar lambar ta daina shiga. Ke yanzu kina kan matakala ta farko. Dubu ɗari biyun da ta tafi ita ce igiyar da za a ja ki da ita, don haka ki ƙudurta a ranki cewa ba a dawo da ita ta hanyar ƙara wata a kanta.

Idan zuciyarki ba za ta natsu ba sai kin gwada, ga gwajin da ba zai ci ki ko kwabo ba. Ki ɗauki hotunan da ya turo miki, har da na gadon asibiti in akwai, ki saka su a Google Lens, ko ki sa wani yaron gida da ya iya ya saka miki. Sau da yawa hoton yakan fito a shafin wani mutum dabam mai wani suna dabam, wanda bai ma san ana amfani da fuskarsa ba. Sai dai rashin fitowar hoton ba ya wanke shi, domin ba kowane hoto binciken ke kamawa ba. Bayan haka ki rubuta masa magana ɗaya: ba ni da kuɗi, amma ka ba ni sunan asibitin da sunan kamfaninku, da lambar babban wanka ko kawunka a Kano da unguwar da suke, Yayana zai je ya same su a haɗu a taimaka maka. Mai gaskiya da ke kwance cikin ciwo zai yi murna da wannan tayin. Shi kuwa zan iya faɗa miki abin da zai yi tun kafin ya yi: zai nuna ɓacin rai ya ce ashe ba ki yarda da shi ba, zai yi rantsuwa da Alƙur'ani, zai rage kuɗin ya ce ko 300,000 ki samo, daga nan wani da ke kiran kansa likita zai kira ki ya ce numfashinsa na sarƙewa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ko da a wannan matsin ya yarda ya fito a bidiyo na 'yan daƙiƙoƙi, kada hakan ya sauya miki shawara, domin ana kunna tsohon faifan wani mutum a ce layi ne ba shi da kyau. Kuma kada ki tsaya doguwar muhawara da shi. Ya yi wata bakwai yana karantar inda zuciyarki take da laushi, ke kuwa ba ki san ko sunansa na gaskiya ba.

Game da kuɗin da suka tafi, ba zan yi miki alkawarin da ba zan iya cikawa ba: bayan mako guda, da wuya a same su a cikin asusun. Duk da haka ki je bankinki gobe da safe, kada ki bari sai wani makon. Ki tafi da rasidin da ke nuna rana da lokaci da lambar asusun da sunan mai shi da lambar shaidar turawa, ki shigar da ƙorafi a rubuce cewa damfararki aka yi, ki nemi su sanar da bankin da kuɗin suka shiga domin a dakatar da cire kuɗi daga asusun, sannan ki karɓi shaidar cewa sun karɓi ƙorafinki. Ko an tarar da saura a ciki, mayar da su yakan buƙaci rahoton hukuma, wani lokaci har da umarnin kotu, don haka sai da haƙuri. Hukumar EFCC tana da ofishi a nan Sakkwato, kuma ana kai mata takardar koke a rubuce tare da hujjoji. Laifin yana da dokarsa, wadda aka yi a 2006 kan damfara, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015. Kafin ki toshe lambarsa, ki ɗauki hoton hirarrakin da suka shafi kuɗi, da shafinsa na Facebook, da duk lambobin da aka kira ki da su, ki adana saƙonnin murya. Mata da yawa cikin zafin rai da kunya sukan goge komai a daren da suka gane, washegari su je ofis hannu rabbana. Asusun nan na Najeriya yana ɗaure da BVN ko NIN na wani mutum, kuma shi ne bakin zaren da masu bincike za su iya kamawa, ko da ke ba ki samu kuɗinki ba, wata za ta tsira.

Akwai abubuwa biyu da nake so ki bincika a kanki yau. Idan kin taɓa ba shi lambar katinki na banki, ko BVN, ko lambar sirrin da banki ke turowa ta saƙo, ki gaya wa bankin a rufe katin a sauya lambobin. Idan kuma ya taɓa cewa, ko nan gaba ya ce, wani zai turo kuɗi asusunki ki wuce da su wani wuri, kada ki yarda ko kusa, domin kuɗin wata ce da aka damfara, kuma sunanki ne zai fito a takardar hukuma. Abu na biyu ya fi nauyin faɗa, amma gara ki ji daga bakina. Idan akwai wani hoto ko saƙon murya da kika tura masa wanda ba za ki so a gani ba, mai yiwuwa ya juya zuwa barazana da shi ranar da ya ga kuɗi sun tsaya. Kada ki biya, domin wanda aka biya sau ɗaya yana dawowa. Ki adana barazanar ki haɗa ta cikin kokenki, laifi ce mai zaman kanta. Ki kuma sa ran cewa bayan 'yan makonni wani zai iya tuntuɓarki ya ce shi jami'i ne ko lauya, an gano kuɗinki, sai dai ki biya wani abu kafin a sako su. Yawanci mutanen farko ne suka dawo da sabuwar murya.

Ki gaya wa Yayanki yau, kafin ki je banki. Na san nauyin da ke cikin hakan, kuma na san abin da kike tsoro shi ne a ce mace mai 'ya'ya biyu tana hira da namiji a waya. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma son ki sake yin aure bayan shekara uku ba abin kunya ba ne a addini ko a al'ada. Idan fuskantarsa kai tsaye ya yi miki wuya, ki fara da Inna, ko matarsa, ko wata goggo da yake jin maganarta, ki miƙa musu wayar su karanta da kansu. Zai yi faɗa na yini ɗaya, sannan ya raka ki ofishin hukuma, wanda zuwa da namiji babba yakan sauƙaƙa. Sarƙar kuwa ki ba Inna ta ajiye miki na wata biyu, ki kuma gaya wa uwar adashinku kada ta ba ki ɗauka kafin lokacinki ko da kin roƙe ta, domin akwai dare da tausayi zai taso miki ki ji kamar ki sake buɗe lambar.

Wannan tausayin da kewar da za ki ji gaskiya ne, kada ki zargi kanki a kansu. Kin yi wata bakwai kina da wanda ke tambayar yadda kika kwana da yadda yara suka dawo daga makaranta, kuma rashin wannan zai yi miki ciwo kamar rabuwa da mutum na zahiri, ko da yake wanda kika so bai taɓa wanzuwa ba. Asubahin farko su za su fi tsanani, lokacin da za ki farka ki miƙa hannu ga wayar bisa sabo. Ki roƙi wata 'yar'uwa ko aminiya ta riƙa kiranki a wannan lokacin na mako biyu ko uku, ki kuma riƙa barin wayar a ɗakin Inna ko a falo idan za ki kwanta. In kin dawo daga banki ki sake rubuto mini abin da suka ce, mu ga yadda za a tsara takardar koken.